Tallar man gyaɗa: in fito da fuskata ko hotuna da murya?

Tambaya: "Ina matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a wani ƙauye kusa da Ringim. Zan yi talla a WhatsApp da Facebook. In tsaya gaban waya in yi magana, ko in jera hotuna in ɗora murya?"

Ƙanwata, ki fara duba abin da ke hana mutum turo miki kuɗi. Mai sayen mai a waya ba ya shakkar kyawun jarka, tsoronsa a yi masa gauraye, ko ya tura kuɗi a kashe waya. Hoto ba ya kore wannan tsoron, domin kowa zai iya kwaso hoton jarka daga shafin wani ya ɗora muryarsa. Jeren hotuna ya fi amfani wurin waɗanda suka riga suka san ki, idan sanar da sabon farashi za ki yi ko cewa kaya sun samu. Baƙo kuwa, wanda ke Dutse ko Kano, so yake ya ga mutum.

To amma ba dole sai fuska ba. Da yawanmu ba ma son fuskarmu na yawo a wayoyin mutane, wata kuma maigida ba zai yarda ba, kuma babu laifi a haka. Ni yaji nake sayarwa shekara da shekaru, abin da ya fi kawo min ciniki shi ne bidiyon hannuna yana aiki, muryata na bisa. Ke ma a ɗauki hannunki kina juya tunkuza, mai yana tasowa, kina kwalfa kina zubawa a kwalba. Wannan ba ya aruwa.

Kada bidiyon ya wuce sakan 30, saboda masu kallo na tattalin data. Ki tsayar da wayar a tsaye, ki jingine ta da wani abu don kada ta yi rawa. Ki fara da man yana zuba, sallama ta biyo a kansa, domin a sakan ukun farko ake wucewa. A ɗauka da hantsi, a inuwar tsakar gida, hasken yana faɗa wa man, kada rana ta zama a bayanki. Muryar kuma ki naɗe ta daban cikin ɗaki da dare, lokacin da injin niƙa da awaki suka yi shiru, sai ki haɗa a CapCut, manhajar haɗa bidiyo a waya. Mutane na haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma murya mai iska ba sa jure ta. Ki faɗi garinku, kuɗin kwalba da na jarka, da yadda kike aikawa a mota, ki kuma rubuta farashin a jikin bidiyon don masu kallo ba sauti.

Idan kina so ki tabbatar, ki sa jeren hotuna mako guda, bidiyon hannu mako na gaba, farashi ɗaya, lokaci ɗaya bayan isha'i. Kada ki ƙirga masu kallo, ki karanta saƙonnin. In ana yawan tambayar "na gaske ne kuwa?", ba a yarda da ke ba tukuna. In tambayar ta koma "za ki iya sa min jarka biyu a motar Kano?", ki riƙe wannan salon.