Idan ka ji rauni a wurin aiki a Jamus

Tambaya: "Yayyena mazauna Jamus, na samu aikin ɗaukar kaya a wani sito a Hamburg, ina shirin tahowa. In na ji ciwo a bakin aiki, wa zai biya asibiti, da me zan ci kafin in warke?"

Ƙanina, tun ranar da ka fara aiki kana ƙarƙashin inshorar haɗarin aiki, kuma mai kamfani ne kaɗai ke biyan kuɗinta, ba a taɓa albashinka. Hukumomin da ke riƙe da ita ana kiransu BG, kowace sana'a da tata. Ta haɗa da hanyarka ta zuwa aiki da komawa gida, muddin ba ka ratse sayayya ko ziyara ba. Wanda ba ta kama shi kai tsaye shi ne mai zaman kansa, don haka ka duba takardar aikinka da kyau, kada a rubuta ka a haka alhali ma'aikaci ne kai.

Inda mutanenmu suka fi yin asara shi ne ranar farko. Kwali ya faɗo wa mutum a kafaɗa, ya ce ba komai, ya shafa man zafi ya ci gaba don kada shugaba ya ga raggo ne. Bayan wata biyu hannu ya ƙi ɗaguwa, babu shaidar cewa a sito abin ya faru, sai BG ta ce tsohon ciwo ne. Ko yankan yatsa ne, sa a rubuta a littafin taimakon gaggawa na kamfani, da lokaci da sunan wanda ya gani. In ciwon zai hana ka aiki washegari, kada ka tsaya wurin likitanka na unguwa, nemi likitan haɗarin aiki da BG ta amince da shi, wanda ake kira D-Arzt. Rahotonsa ne BG za ta riƙa komawa gare shi shekara da shekaru, saboda haka faɗa masa duk inda ka bugu, har gwiwar da kake ganin ba ta kai a ambata ba. In Jamusancinka bai nuna ba, tafi da mai fassara. In ciwon ya hana ka aiki fiye da kwana 3, dole kamfani ya kai wa BG rahoto.

Magani, tiyata, gashin ƙashi, har kuɗin motar zuwa asibiti, duk BG ke biya, ba ka ƙara ko sisi.

Batun abinci kuwa, makonni 6 na farko kamfani zai biya ka cikakken albashi, in ka riga ka yi mako 4 da su. Daga nan sai kuɗin jinya, Verletztengeld, wato kashi 80 cikin 100 na albashinka kafin a cire haraji, amma ba ya wuce abin da ka saba karɓa a hannu. A ce albashinka Yuro 3,000 ne, 2,050 ke shiga asusunka. Kashi 80 ya kama 2,400, ya zarce, don haka a 2,050 za a tsaya, sannan a cire kasonka na fansho da na inshorar rashin aiki. Yawanci iyakarsa mako 78.

In rauni ya bar nakasa, likita mai tantancewa zai auna yawan ƙarfin neman abincin da ka rasa, abin da takardunsu ke kira MdE. Da dukan kasuwar aiki ake aunawa, ba da aikin sito kaɗai ba, shi ya sa adadin kan zo ƙasa da yadda mai ciwo ke zato. Rasa ido ɗaya, misali, kashi 25 ne. Sai ya kai kashi 20, kuma ya zarce mako 26 bayan haɗarin, kafin BG ta ba ka fanshon rauni. Cikakken fanshon kashi biyu cikin uku ne na abin da ka samu a watanni 12 kafin haɗarin. Mai 36,000 a shekara, cikakkensa 24,000 ne, kashi 20 na wannan 4,800, wato Yuro 400 duk wata, ko da ya koma aiki yana karɓar albashinsa. Wanda aka ba kashi 10 kuwa ba ya samun komai, sai in yana da wani haɗarin aikin da shi ma ya kai 10. Ka ga ke nan duk rigimar tana tsakanin 10 da 20.

Saboda haka idan BG ta aiko maka sunayen masu tantancewa, galibi uku, kai ke zaɓa, kuma kana iya kawo sunan wani. A gaban likitan kada ka yi jarumta: in hannu a kafaɗa yake tsayawa, bar shi a nan ya auna. Fanshon shekaru 3 na farko na wucin gadi ne, ana iya rage shi a sabon awo. Hukuncin da bai yi maka ba, wata 1 gare ka ka rubuta ƙin amincewa, Widerspruch, kuma in ta kai ga kotun walwalar jama'a ba ka biyan kuɗin kotu. 'Yan ƙungiyar ƙwadago suna samun lauya ta hannunta, amma sai ka shiga tun kana lafiya.