Yadda za ki riƙe phrasal verbs kafin WAEC

"Ina shirin WAEC, phrasal verbs da idioms sun yi mini yawa, na haddace na manta. Waɗanne zan fi mayar da hankali a kai, kuma ta yaya zan riƙe su?"

Ki fara da waɗanda ake ginawa a kan put, take, give, call, turn da look, don suna yawan fitowa a tambayoyin cike gurbi. Misali put off ɗage abu ne zuwa wani lokaci, call off soke shi gaba ɗaya, put up with jure wa abu, take after kuma kama da iyaye. A idioms, irin su at a loss da once in a blue moon sun isa ki fara da su. Kada ki haddace jeri. Ki ɗauki takardun shekarun baya, duk wanda kika gani ki kwafe jimlar da ya zo a ciki dukanta, sannan ki rubuta taki a ƙasa.

Dalili shi ne phrasal verb ɗaya na iya ɗaukar ma'ana biyu ko uku, jimlar ce ke rabewa. A "The plane took off" jirgi ne ya tashi, a "He took off his cap" hula ya cire. Ɗaliban da nake koyarwa sun fi faɗuwa a put off da call off, don masu tsara tambaya suna son haɗa su a cikin zaɓin tambaya ɗaya. Ki duba ƙarshen jimlar: in akwai until next week, ɗagewa aka yi, put off ce amsa. In ba a ambaci wata rana ba, call off ta fi dacewa.