Yadda ake tsara rubutacciyar hira ta zama tambaya da amsa ba tare da an cakuɗa masu magana ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Ahmadu Bello. Na yi hira ta minti 50 da wani dattijo mai ɗinkin babbar riga a cikin birnin Zariya, na ba mai buga takardu a Samaru ya saurara ya rubuta mini. A shafi 14 da ya kawo, ni wani wuri "Ni" ce, wani wuri "M.T.", dattijon kuma "Malam", "Mal." da "Baba", ga ɗansa yana ta sa baki. Yaya zan daidaita ta ta zama tambaya da amsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Kafin ki taɓa ko harafi ɗaya, ki ajiye takardar nan yadda mai bugun ya kawo ta, ki kwafe ta da wani suna, ki yi aikinki a kan kwafin, domin akwai ranar da malamin da ke duba aikinki zai tambaye ki ainihin abin da dattijon ya faɗa, kuma ta asalin ce kaɗai za ta fitar da ke.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, laƙabin da ake sa wa a farkon layi na mutum ne, ba na irin maganar da ya yi ba. Yawancin masu tsara hira sun saba da "T:" da "A:", wato tambaya da amsa, kuma wannan yana isa idan mutum biyu ne kawai, ɗaya na tambaya ɗaya na amsawa. Amma hirarki murya uku ce, kuma dattijan Zazzau ba sa zama a yi ta jefa musu tambaya ba su mayar ba. Da zarar ya ce miki, "Ke 'yar wane gida ce?" tsarin ya rushe, saboda idan kika sa "T:" mai karatu zai ɗauka ke ce kika yi tambayar, idan kuma kika sa "A:" ga shi ba amsa ba ce. Saboda haka ina ba ki shawara ki zaɓi laƙabi uku, ki rubuta su a saman takardar tare da bayanin kowane, kada ki ƙara canza su: "Mai tambaya:", "Maɗinki:" da "Ɗan maɗinki:". Na fifita sana'a a kan "Malam" ko "Baba" don waɗannan kalmomi biyu suna yawan faɗowa a tsakiyar zance, kuma ɗan ma idan babba ne Malam ake ce masa. Idan dattijon ya amince a ambaci sunansa, sai ki sa sunan a gurbin sana'ar, da rubutu iri ɗaya daga farko har ƙarshe.

Daga nan sai ki sa abin sauraro a kunne, ki bi shafukan nan 14 tare da muryar, kina tabbatar da mai kowace magana. Kada ki tsallake wannan. Mai bugun bai san mutanen ba, kuma uba da ɗa sukan yi kama a murya, musamman idan ana hira a zaure ga ƙarar babura daga waje. Ni kaina na taɓa jingina wa wani dattijo shekarar da jikansa ne ya faɗe ta daga gefe, ban gano ba sai da aikin ya kusa fita, kuma har yau ina jin nauyin abin. Inda kika kasa tantance muryar, ki rubuta [ba a tantance ba] tare da mintin, misali 23:10, maimakon ki yi kirdado.

Sauya laƙaban kansu aiki ne mai sauƙi a Microsoft Word, in dai an yi shi da lura. Ki danna `Ctrl+H`, ki buɗe `More`, ki sa alama a `Match case`, sannan ki cika gurbin biyu haka:

```
Find what:    ^pMalam:
Replace with: ^pMaɗinki:
```

Alamar `^p` tana nufin ƙarshen sakin layi, don haka kwamfutar ba za ta taɓa "Malam" ba sai wadda ta zo a farkon layi kuma ɗigo biyu suka bi ta. Wanda bai sa waɗannan alamomi biyu ba ya danna `Replace All`, zai tarar "Malam ne ya koya mini aska takwas" ta koma "Maɗinki ne ya koya mini aska takwas", an sauya wa dattijo magana ke nan. Ki maimaita da "Mal.:" da "Baba:", sannan da "Ni:" da "M.T.:", amma ta "Baba:" ki bi ta ɗaya bayan ɗaya da `Find Next`, don mai bugun yana iya rubuta ta a inda ɗan ne yake kiran mahaifinsa. Idan allon rubutunki ba ya fitar da ɗ, ki kwafo laƙabin daga saman takardar ki manna. Idan kuma Word ya ce bai ga komai ba alhali kina ganin kalmar da idonki, ki danna `Ctrl+Shift+8` alamomin ɓoye su bayyana. Mai yiwuwa an raba layukan da `Shift+Enter`, wanda alamarsa a wurin nema `^l` ce, ko kuwa an bar fili kafin ɗigon biyu.

Inda hankali ya fi aiki shi ne gajerun amshin nan namu: "na'am", "to", "haka ne", "ikon Allah". Ladabi ne ki riƙa faɗinsu yayin da babba yake magana, amma idan kowane ya sami layinsa da laƙabinsa, amsa guda za ta tsinke gida goma. A ce dattijon yana bayanin yadda ake zana aska biyu a ƙirjin riga, kika ce "na'am" sau huɗu a tsakani. Ki cire su huɗun, ki haɗe maganarsa ƙarƙashin laƙabi ɗaya. Amma idan kika tambaye shi, "Ashe aska takwas ta fi aska biyu cin lokaci?" ya ce "Haka ne," wannan ita ce amsar ɗungum, kuma dole tambayarki ta tsaya da kalmominta, domin mai karatu ya ga cewa ke kika kawo zancen, shi amincewa ya yi. Haka nan "Na'am?" ta wanda bai ji ba daban take da "na'am" ta mai saurare, muryar ce za ta raba miki su. Doguwar gaisuwar farko kina iya taƙaita ta da [an gaisa], duk kalmar da kika ƙara don fayyace ma'ana kuma ki sa ta cikin irin wannan baka. Maganar ɗan ko jimla ɗaya ce ki ba ta layinta, kada ki cusa ta cikin ta uban, ko da gyara masa lissafi kawai ya yi.

Idan kin gama, ki gwada aikin da ƙidaya. Ki danna `Ctrl+F`, ki nemi kowane laƙabi ki rubuta adadinsa ban da wanda yake a layukan bayani na sama, ki lura cewa "Ɗan maɗinki:" zai shiga lissafin "Maɗinki:" idan ba ki sa `Match case` ba. A ce kin sami 61 da 66 da 9, jimla 136 ke nan. Ki buɗe `Word Count` ki duba `Paragraphs`, ki cire take da layukan bayani na sama. Idan abin da ya rage ya zarce 136, to akwai sakin layin da ba shi da mai shi, ko dai ci gaban doguwar amsa ce da kika raba da gangan, ko layin gaisuwa ko wanda ba ki tantance muryarsa ba, ko kuwa wani tsohon laƙabi ne ya kuɓuce miki. Sannan ki bi gefen hagu da ido, duk inda laƙabi ɗaya ya zo sau biyu a jere ki koma ga muryar a daidai wannan minti, domin galibi a nan ne tambaya ta salwanta ko aka ba uba maganar ɗansa.