Tari da kasala bayan fara maganin hawan jini: a canza ko a ci gaba?

Tambaya: Salamu alaikum Likita. Ni ne Alhajin nan mai shagon yadi a kasuwar Tawa, wanda ka auna ka samu 17 da 10. Yau mako uku ke nan ina shan ƙwayoyi biyun da ka rubuta mini, enalafiril miligiram 10 da ƙaramar ƙwayar nan mai sa fitsari. Tun mako na biyu wani busasshen tari ya kama ni, ba kaki, sai ƙaiƙayi a maƙogwaro, da dare ya fi tsanani. Na sha siro kwalba biyu, ba sauƙi. Ga kasala, in na ɗago daga sujada sai jiri ya ɗebe ni. Jiya a farmasi an auna ni 11 da 7. Ko a canza mini zuwa amlodifin da yayana yake sha, ko in dakata gaba ɗaya tunda jinin ya sauka?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara sauƙi. Na ji daɗi da ka rubuto maimakon ka jefa ƙwayoyin cikin akwati ka yi shiru, domin abin da mutane da yawa ke yi ke nan, sai mu sake haɗuwa da su ranar da aka kawo su ranga-ranga ɓarin jiki ya shanye. A taƙaice: eh, ina ganin za mu canza. Amma ba za a bar ka babu magani ba, kuma ina so in gan ka gobe ko jibi kafin in rubuta sabo. Tarin da kasalar, a ganina, ba tushensu ɗaya ba.

Tarin nan na fi zargin enalafiril da shi, kuma ya kamata in faɗa maka tun ranar da na ba ka takardar magani. Wannan kuskurena ne, ka yi haƙuri. Maganin yana da dangi, irin su kaftofiril, lisinofiril da ramifiril. In ka duba kwalinsu za ka ga sunan kowanne ya ƙare da haruffa huɗu: p, r, i, l. Aikinsu shi ne toshe wani sinadari a jiki da ke taimakawa wajen tsuke jijiyoyin jini, shi ya sa jini ke sauka. To amma wannan sinadarin yana da wani aiki na biyu: shi ne ke share wani abu da ake kira biradikinin. Da aka ɗaure mai shara, sai biradikinin ya taru a maƙogwaro da hanyoyin iska yana sosa su, kamar an sa maka gashin tsuntsu a wuya. Kusan mutum ɗaya cikin goma da ke shan irin wannan magani yana gamuwa da haka. Wani tun kwanakin farko, wani sai bayan watanni.

Wannan ne ya sa siro bai yi maka komai ba. Babu majinar da za a narkar, babu ƙwayar cutar da za a kashe, don haka kar wani ya sayar maka da amokisilin a kansa. Rage yawan maganin ma ba kasafai yake kawar da shi ba, kuma in aka ɗauke ka daga enalafiril zuwa kaftofiril an gudu ne ba a tsira ba. Tarin ba ya lalata huhu. Amma mutumin da ba ya barci, yana tari a sahun salla har na kusa da shi suna waiwaye, ba zai daɗe yana shan maganin ba, kuma ba na ganin laifinsa. In aka tsayar da maganin, yawanci tarin yana lafawa cikin mako ɗaya zuwa huɗu, wasu kuma yakan ja su har wata uku. Ka riƙe wannan, don kar ka ga kwana uku da canji kana tari ka ce sabon ma bai karɓe ka ba.

Duk da haka ba zan ɗora wa ƙwaya laifi ido rufe ba. A ƙasarmu tarin da ya kai mako biyu sai an tuna da tarin fuka. Zan tambaye ka ko kana zazzaɓin yamma, ko zufa tana jiƙa maka riga da dare fiye da abin da zafin gari ya saba sa ka, ko wandonka ya fara yi maka yawa, ko akwai mai tari a gida ko a shago. In da alama ko ɗaya, za mu yi gwajin kaki da hoton ƙirji. Abu na biyu shi ne zuciya. Hawan jinin da ya daɗe yana iya gajiyar da ita, ruwa ya taru a huhu, kuma shi ma yana zuwa da tarin dare da kasala. Bambancinsa shi ne mutum ba ya iya kwanciya sai ya tara matasai, numfashi yana sarƙe masa in ya yi ƴar tafiya, ƙafafu su kumbura har in ka danna da yatsa wurin ya lotsa. Zan saurari ƙirjinka in duba ƙafarka. Da lokacin hunturu muke da na sa ƙurar buji cikin lissafi, amma yanzu bazara ce.

Bazarar nan kuwa ita ce ta kai ni ga kasalar, kuma gaskiya ta fi tarin damuna. Ka sauko daga 17 zuwa 11 cikin mako uku. Lambar 11 da 7 ba ta da aibu ga wanda yake jin garau, amma jikinka ya shekara da shekaru yana aiki a sama, ga kuma jiri. Ƙaramar ƙwayar nan, idirokulorotiyazid miligiram 25, tana fitar da ruwa da gishiri ta fitsari. Kai kuma kana wuni cikin shago ƙarƙashin kwano a watan da zafin Tawa ke wuce digiri 40, zufa tana fitar da nata kason. Ruwan jiki ya ragu, ga enalafiril ya saki jijiyoyi, to in ka miƙe tsaye jini ba ya saurin isa ƙwaƙwalwa. Jirin sujada ke nan. Haka kuma ƙwayar tana iya rage sodiyom da fotasiyom na jini, wanda ke kawo mutuwar jiki da ɗaurewar jijiyar ƙafa da dare.

Akwai gwaji mai sauƙi da zan yi maka. Za ka kwanta minti biyar in auna, sannan ka miƙe in sake aunawa bayan minti ɗaya da bayan minti uku. In lambar sama ta faɗi da 2 ko fiye, misali daga 12 zuwa 10, ko ta ƙasa ta faɗi da 1, to magani ya yi maka yawa a wannan yanayi. Sannan a ɗebi jini a duba kireyatinin, wanda ke nuna aikin ƙoda, tare da sodiyom da fotasiyom. Dama ƙa'ida ce a yi wannan mako ɗaya zuwa biyu bayan fara enalafiril, saboda haka lokacinsa ya ma ɗan gota. Zan haɗa da awon yawan jini, don ƙarancinsa ma yana sa kasala.

Yanzu maganar amlodifin. Ba don yayanka yana sha ba, amma mai yiwuwa shi ɗin zan ba ka. Ba ya sa irin wannan tari, ba ya fitar da ruwan jiki, sau ɗaya ake sha a rana, kuma yana aiki sosai a jikin baƙar fata. Wani bincike da aka yi a ƙasashen Afirka shida, aka wallafa a 2019, ya nuna haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi sauke jini a kan haɗin dangin enalafiril da ƙwayar fitsari. Gwajinka na farko bai nuna suga ba, fitsarinka kuma babu alamar ƙoda tana yoyo. In sabon gwaji ya fito lafiya, zan tsayar da ƙwayoyin nan biyu in fara ka da amlodifin miligiram 5 shi kaɗai, mu sake awo bayan mako biyu, sannan bayan wata. Abin da muke nema shi ne ka zauna ƙasa da 14 da 9 ba tare da jiri ba. In bai isa ba sai mu ƙara zuwa miligiram 10 ko mu haɗa da wani. Shi ma yana da nasa hali: yakan kumbura idon sawu, musamman da yamma, wani kuma ya ji ɗan ciwon kai a kwanakin farko.

Da kana da ciwon suga da ya taɓa ƙoda, ko zuciyar ta yi rauni, da losatan zan zaɓa, yawanci daga miligiram 50, domin yana kare ƙoda da zuciya kamar enalafiril, kuma da wuya ya sa tari tunda ba ya tara biradikinin. Sai dai ba a haɗa su biyun tare, saboda haka in an canza maka, ragowar enalafiril ka kawo mini shi, kar ka ajiye, kar kuma ka ba kowa. Mace mai ciki in ta sha shi ko losatan yana cutar da abin da ke cikinta.

Dakatawa gaba ɗaya kuwa, a'a. Jinin ya sauka ne saboda magani yana riƙe da shi. In ka bari, cikin kwanaki ko ƴan makonni zai koma inda yake, kuma ba zai aiko maka da saƙo ba.

Kafin ka zo, ga abin da nake so. Gobe da safe kar ka sha ƙwayar fitsarin; wannan na faɗa maka ne kai kaɗai, don na san fayil ɗinka da awonka na jiya, ba ƙa'ida ba ce ga duk mai jin kasala. Ka ajiye gorar ruwa kusa da kai a shago kana kurɓa, in za ka tashi ka ɗan zauna tukuna, in jiri ya matsa ka yi salla a zaune. Ka nisanci dikulofenak da ibufurofen na masu talla a kan tire, domin haɗuwarsu da ƙwayoyin nan biyu cikin zafi tana iya durƙusar da ƙoda. In ciwo ya dame ka farasitamol ya isa. In kana shan jiƙo ko kanwa, ka faɗa mini, ba zan yi faɗa ba, sani nake so.

Akwai abin da ba ya jiran gobe. In ka ga leɓe, harshe, fuska ko fatar ido sun kumbura, ko murya ta shaƙe, ko haɗiya da numfashi suna yi maka wuya, kar ka ƙara shan enalafiril, a kai ka sashen gaggawa nan take ko tsakar dare ne. Biradikinin ɗin nan ne ke jawo shi, ba ya da yawa, amma ya fi samun baƙar fata, kuma yana iya toshe hanyar iska. Haka in ka suma, ko ƙirji ya riƙe, ko ka ga jini a tari, ko gudawa da amai suka kama ka kana kan waɗannan ƙwayoyi.

Ka zo da sassafe kafin rana ta yi zafi, da kwalayen duka, har da kwalaben siro, da ƴar takardar da aka rubuta maka awon jiya. Ka gaida mutanen gida.