Mutum dubu uku sun shigo, amma ina suka tsaya?

Tambaya: Malam, ina sayar da shadda, atamfa da leshi a Kantin Kwari. Yaron da ya buɗe mini shafin intanet ya ɗora mini Google Analytics mai ƙirga masu shiga shafin, ya ce mutum dubu uku ke shigowa a wata. To ni ban gani a ciniki ba. Ta yaya zan san kayan da suke dubawa?

Amsa: Alhaji, ajiye wannan jimillar a gefe tukuna. Ka shiga Reports, ka danna Engagement, sannan Pages and screens. Jerin shafukanka zai fito, kowanne da lissafinsa na kwana 28 da suka wuce.

Na farko a jerin galibi shafin gaba ne. Kada ya ruɗe ka, ƙofar shago ce, mai saye da mai wucewa duk ta nan suke bi. Ka sauko kan shafukan kaya. Views yana ƙirga sau nawa aka buɗe shafi, Active users kuma mutum nawa ne suka buɗe shi. Na biyun za ka riƙe, domin mutum ɗaya zai iya sabunta shafi sau goma idan sabis na wahala. Kai da yaran shagonka ma ana ƙirga ku duk sanda kuka leƙa, sai dai idan an tace ku. Ka sa yaron ya duba wannan.

Daga nan sai lokacin da suke ɗauka, wato Average engagement time. A ce shafin atamfa ya samu mutum 900 amma daƙiƙa 6 kawai suke yi, na shadda kuma mutum 250 masu yin minti ɗaya da rabi. Shadda ake dubawa da gaske. Daƙiƙa 6 ba ta isa a zaɓi zane ba, don haka wani abu ne ke korar mutane. Ka buɗe shafin atamfar a wayarka da data, ba da wayifai ba. Sau da yawa hotuna ne suka yi nauyi, ko babu farashi, ko kuma tallan da ka saka ya nuna wani zane daban da wanda suka tarar.

Tunda cinikinku a WhatsApp ake ƙarasa shi, ka je Event count a jerin nan ka zaɓi click. Idan Enhanced measurement, wato saitin da ke ƙirga irin wannan dannawar da kansa, na kunne, za ka ga sau nawa aka danna mahaɗin da ke fita waje daga kowane shafi. Ka lura dai, mahaɗin Instagram ma yana shiga wannan ƙirgar. Shafin da aka daɗe a kai amma ba a danna ba, ka duba ko maɓallin WhatsApp ɗin ya ɓuya can ƙasa.

Shafin da mutum 15 kawai suka buɗe, kar ka yanke masa hukunci, ka faɗaɗa lissafin zuwa wata uku. Haka nan kar ka gwada watan azumi, lokacin ɗinkin Sallah, da watan da ya biyo baya. Ka gwada shi da azumin bara idan lissafinka ya kai can.