Wata huɗu da barin ƙwayar tazarar haihuwa, har yau ban ga al'adata ba

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni ƴar unguwar Birni ce a nan Damagaram, shekarata 29, ƴaƴana biyu, ƙaramin ya shiga shekara huɗu. Shekara uku na yi ina shan ƙwayar tazarar haihuwa, al'adata na zuwa kowane wata ba kuskure. Bayan ƙaramar Salla muka yi shawara da maigida na bari don muna son ƙari. Na ga jini na kwana uku, daga nan shiru, yau wata huɗu ke nan. Na yi awon fitsari sau ɗaya a watan farko, babu ciki. Da ina budurwa al'adata takan tsallake wata biyu, amma ban ɗauke shi komai ba. Na yi ƙiba, ga ƴan gashi sun fito mini a haɓa. Ƙanwata an cire mata robar mahaifa mai magani, sati biyar ta ga nata. Uwar mijina ta ce ƙwaya ta ƙone mini ƙwayayen haihuwa, jinin kuma ya taru a ciki, har ta aiko mini da jiƙo da kanwa. Gwaggo, na cuci kaina ne?

Ƴar Birni

Wa'alaikumus salam ɗiyata.

Ba ki cuci kanki ba. Ki ajiye wannan nauyin tukuna, ki kuma ajiye jiƙon nan a gefe, kada ko kurɓi ɗaya ya shiga bakinki sai kin karanta amsar nan har ƙarshe.

Abu na farko da nake so ki yi, gobe da asuba, shi ne ki sake awon ciki da fitsarin farko na safe. Awon da kika yi a watan farko ya tsufa, ba ya ba da labarin yau. Dalili kuwa, mace takan saki ƙwai kamar kwana 14 kafin al'ada ta zo. Ke nan ƙwai ne ke gaba, jini na biye. Idan ƙwan farko da kika saki bayan barin ƙwaya ya haɗu da rabo, ba za ki ga al'ada ba ko sau ɗaya, ciki ne zai shiga kai tsaye. Na taɓa karɓar wata baiwar Allah lokacin ina aikin ungozoma, ita ma wata uku babu wanki bayan ta bar ƙwaya, ta dage cewa jini ne ya kwanta mata, ta yi kwanaki tana shan sassaƙe don ta "wanke ciki". Da aka ɗora mata na'urar ekogarafi sai ga ɗan tayi na sati 11, zuciyarsa na bugawa fat-fat a allo. Allah ya tsare shi, amma har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. Awon fitsari ba a amince da shi sosai sai an yi sati uku da kwanciyar aure ta ƙarshe, don haka idan na gobe ya nuna babu, ki maimaita bayan sati ɗaya ko biyu.

Yanzu mu zo ga maganar surukarki. Na san don kulawa ta faɗa, kuma ba ita kaɗai ke da wannan fahimta ba, ana yin ta a kowane gidan suna. Amma ƙwaya ba ta ƙone komai. Aikinta shi ne ta hana ƙwai fita daga ma'ajiyarsa muddin ana shan ta, kuma maganin da ke cikinta ba ya daskarewa a jiki. Cikin ƴan kwanaki da dainawa ya fita. Wadda ta sha shekara ɗaya da wadda ta sha shekara takwas, duk haka ne. Jini kuma ba ya da wata randa da yake taruwa a ciki. Al'ada shimfiɗa ce da mahaifa ke yi kowane wata don tarbar ciki, idan cikin bai zo ba sai ta zubar da ita. Watan da ƙwai bai fita ba, mahaifa ba ta samun umarnin zubarwa, shi ya sa ake jin shiru.

Ga inda nake so ki tsaya ki fahimta da kyau, don a nan amsarki take. Ki tuna katin ƙwayar da kike karɓa: guda 21 masu magani, sai guda 7 masu launin ƙasa a layin ƙarshe. Waɗannan bakwai ɗin babu maganin hana ciki a cikinsu, na ƙarin jini ne. Idan kin iso kansu maganin ya yanke a jikinki, sai mahaifa ta zubar da ƴar shimfiɗar da ta yi. Wannan jinin ƙwaya ce ta kira shi, ba jikinki ne ya ƙirga kwanakinsa ba. Na kwana ukun da kika gani bayan Salla ma irinsa ne, na bankwana da ƙwaya. To kin ga, shekara uku kina ganin jini a kan kari, alhali ba ki san yadda naki lissafin yake tafiya a ƙarƙashi ba. Da kika janye ƙwaya sai jikinki ya koma halinsa na dā, kuma ke da bakinki kin gaya mini yadda halin nan yake tun kina budurwa.

Yawancin mata al'adarsu ta gaskiya takan dawo cikin sati huɗu zuwa shida da barin ƙwaya, kusan duka kuma kafin wata uku. Ƙanwarki tana cikin wannan sahun. Robar da aka cire mata a cikin mahaifa take aikinta, tana sirantar da shimfiɗar nan har wasu su daina ganin jini gaba ɗaya, amma da yawa daga masu ita suna ci gaba da sakin ƙwai. Da an zare ta sai shimfiɗa ta sake tohowa. Wadda aka sani da jan lokaci ita ce allurar wata uku, wadda takan riƙe mace har kusan shekara bayan ta ƙarshe. Ke ba allura kika yi ba, don haka kada kowa ya ce miki ki zauna jiran shekara. Wata uku shi ne iyakar jira, ke kuwa kin haura.

Abin da na fi zato, ba tare da na yanke hukunci daga nesa ba, shi ne wata lalura ta ma'ajiyar ƙwai da za ki ga likitocinmu na rubutawa SOPK a takarda. A cikinta ƙwayayen haihuwa da yawa ne ke fara girma lokaci guda, amma babu wanda ke nuna har ya fito. Sinadarin maza da kowace mace ke da ɗan kaɗan nasa yakan ɗan yi yawa, shi ke kawo gashin haɓa da ƙurajen fuska, ƙiba kuma tana ƙara rura abin. Wasu har wuyansu da hammatarsu kan yi duhu kamar dauɗa, a cuɗa a cuɗa ba ya fita. Ƙwayar da kika sha tana danne waɗannan alamu, shi ya sa suka ɗago kai yanzu. Lalura ce da ta yawaita a cikin mata, kuma masu ita suna haihuwa; ke kanki ga biyu a ɗaki.

Cikin satin nan ki je wurin ungozomar da ke ba ki ƙwaya, da katinki na tazarar haihuwa a hannu, ki nemi ta tura ki wurin likitan mata. Kafin ki tafi ki rubuta ranar da kika sha ƙwaya ta ƙarshe, ranakun jinin nan uku, da duk maganin da kike sha, har na gargajiya da na masu tallar magani a tire. Kada ki ɓoye, domin akwai magungunan amai da na kwantar da hankali da ke tsayar da al'ada. Bayan awon ciki, abin da ya kamata a yi miki shi ne ekogarafi don a ga kaurin shimfiɗar mahaifa da yanayin ma'ajiyar ƙwai, sai awon jini. Za a duba sinadarin da ke kawo ruwan nono, furolaktin, don idan ya hau yana hana ƙwai fita ko da mace ba ta shayarwa. Idan kin lura nononki na ɗigar da ruwa alhali kin daɗe da yaye, ko kina yawan ciwon kai da dishi-dishin gani, ki faɗa da wuri. Za a duba aikin sashen wuyan nan da ke kumbura ya zama maƙoƙo ma, wato TSH a takardar awo, domin lalacinsa ko zafinsa duka suna rikita wata. Idan kuma kina jin zafi na taso miki daga ƙirji zuwa fuska da gumin dare ko a lokacin hunturu, sai a ƙara da FSH don a tabbatar ma'ajiyar ƙwai ba ta gaji da wuri ba. Tambaya biyu za a yi miki da mata kan manta amsarsu: ko an taɓa yi miki wankin ciki bayan ɓari, da ko kin zubar da jini mai yawa a haihuwarki ta ƙarshe.

Idan an tabbatar babu ciki, likita kan ba da ƙwayar furojestaron ta kwana biyar zuwa goma. Bayan an gama, cikin sati ɗaya jini kan zo, kuma zuwansa alama ce cewa mahaifa na yin shimfiɗarta, hanyar fitar jini a buɗe take, ƙwai ne kawai ba ya fita. Wannan maganin yana da wani amfani: mai SOPK ba a so ta riƙa wuce wata uku babu jini, domin shimfiɗar takan yi ta kauri, kuma shekaru a haka ba alheri ba ne ga mahaifa. Amma ki lura, kiran jini daban, sakin ƙwai daban. Tun da ciki kike nema, akwai magungunan nunar da ƙwai, letirozol ko kulomifen, da ake sha kwana biyar a farkon al'ada. Ina roƙonki kada ki saye su da kanki a farmasi don wata ta ce sun yi mata. Ana ba da su ne da lissafi, ana bibiya.

A naki ɓangaren, ƙibar nan ce abin kamawa. Ba ramewa nake nufi ba. Idan nauyinki kilo 80 ne, sauke kilo 4 zuwa 8 yakan isa ƙwai ya fara fita da kansa ga mata da yawa. Ki rage sukari a shayi da fura, ki bar lemon kwalba, ki rage malmalar tuwon dare, ki yawaita zogale da rama da wake, ki riƙa taka ƙafa rabin awa da sanyin safiya ko bayan la'asar. Ki kuma fara shan folik asid, mikirogiram 400 kullum, tun yanzu kafin cikin ya shiga, don yana kare jariri daga nakasar ƙashin baya a satuttukan farko, lokacin da uwa ba ta ma san tana ɗauke da shi ba.

Surukarki kuwa ki yi mata godiya da ladabi, ki ce Inna, an ce sai an yi awo kafin a sha komai, ki bar maigida ya ƙarasa mata bayani; da zai raka ki asibiti ya ji da kunnensa ma ya fi. Kuma ko kafin ranar ganin likita, idan kika ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, da ɗigon jini baƙi-baƙi, ko jiri kamar za ki faɗi, kada ki jira gari ya waye. Cikin da ya zauna a wajen mahaifa haka yake farawa, a kai ki asibiti a daren.

Taki,
Gwaggo