Kumburin idon sawu da yamma

"Ni tela ne, duk yamma sai idon sawuna ya kumbura. Ciwon koda ne?"

Malam, sannu. Fara da gwajin nan: danna babban yatsa a kan ƙashin ƙwauri na daƙiƙa 10. In ya bar rami, ruwa ne ya taru. Sai ka duba da asuba. In kumburin ya sace bayan barci, galibi zama ne ko tsayuwa, domin naman sharaɓa ne ke tura jini sama, kai kuwa ka wuni ƙafa a rataye. Riƙa tashi kana zagayawa duk awa, ka ɗora ƙafafu kan matashin kai in ka kwanta, a rage gishiri da magi.

Na koda yakan zo da kumburin fatar ido da safe, da fitsari mai kumfa. Na zuciya kuwa da haki, har mutum ya kasa kwanciya sai ya jingina. In kana shan maganin hawan jini amlodipine, shi ma yana kumbura ƙafa, amma kada ka daina sai likita ya canza.

Wanda ya fi tsorata ni shi ne ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, da zafi. Jini ne kan daskare a jijiya. Kada a matsa ta, a tafi asibiti ranar.